Wasiƙar Manajan Shago Zuwa ga Dila Kan Giɓin Kaya da Lalatattun Katan-Katan

Tambaya: Malam, ni manaja ne a wani shagon kayan masarufi a Kano. Dilan da ke kawo mana taliya da man girki da tumatirin leda ya mayar da mu abin wasa, kusan kowane zuwa sai kaya sun gaza ko mu tarar da katan a murƙushe ko a jiƙe. Na gaji da kira a waya. Maigida ya ce in rubuta masa wasiƙa. Me zan sa a ciki har ya biya mu, ba tare da hulɗarmu ta lalace ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka ɗauki biro, tattaro takardu uku na kowane zuwan kaya ka jera su a kan tebur: takardar odar da kuka bayar, da takardar rakiyar kaya wadda 'yan kasuwa ke kira webil, da kuma takardar kuɗi wato inbois. Ka haɗa da littafin sito inda aka rubuta abin da aka ƙirga da hannu. Daga waɗannan za ka gina wasiƙar gaba ɗaya. Dila ba ya biyan kuɗi don an ce masa "kullum kayanku ba sa cika", domin akawunsa ba shi da inda zai shigar da wannan magana. Abin da zai iya shigarwa shi ne lambar webil, ranar da aka sauke, adadin katan da kuɗinsu.

Idan ka jera takardun za ka ga cewa abin da kake kira giɓi ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri yana nuna wurin da matsalar ta samo asali. Idan oda ta ce katan 150, webil ya ce 140, ka ƙirga ka sami 140, amma inbois ya ce 150, to babu wanda ya taɓa kayan a hanya. Ba a loda su ba ne tun daga siton dila, wataƙila kayan ne suka ƙare musu, shi kuwa ofishin kuɗi ya rubuta inbois daga takardar oda bai duba abin da ya fita ba. Wannan shi ne mafi sauƙin karɓa, saboda takardar dilan da kanta ce shaidarka. Idan kuwa webil ya ce 200 ka ƙirga ka sami 194, to tsakanin lodi da saukewa abin ya faru: ko an yi kuskuren ƙirga wajen lodi, ko motar ta biya ta wasu shaguna an sauke naka a can, ko an sa hannu. Sai iri na uku, wanda ya fi wuyar ganewa, inda katan ya cika a ƙirga amma cikinsa bai cika ba. Katan ɗin taliya yana ɗauke da leda 20 masu nauyin giram 500 kowacce, wato kilo 10 ban da nauyin kwalin. Idan aka zare leda biyu, sikeli zai nuna ragin kilo ɗaya cur. Alamarsa ta waje ita ce salatif: na kamfani layi ɗaya ne miƙaƙƙe da inji ya manna, wanda aka sake mannawa kuwa za ka ga layi biyu a kan juna, ko faɗinsu ya bambanta, ko fatar kwalin ta ɗaye a gefensa. A duba ƙasan katan, domin mai zarewa ya fi son buɗewa ta can.

Lalacewar katan ma tana da nata harshen. Katan da ya murƙushe daga sama, kusurwoyinsa suka lanƙwashe, nauyi aka ɗora masa fiye da ƙima, ko aka ɗora kaya masu nauyi kamar mai a kan marasa nauyi. Wanda igiya ta yanka a gefe, ɗaurin mota ne ya yi tsanani ba a sa abin kariya ba. Wanda ya jiƙe daga sama, tamfol ne ya yage ko ba a rufe da kyau ba, kuma wannan na damina ne. Wanda ya jiƙe daga ƙasa kuma jiƙar ta bushe ta bar zane, ya daɗe a kan siminti a wani sito ba tare da katako a ƙarƙashinsa ba, ke nan tun kafin a loda shi ya lalace. Wanda kusurwa ɗaya kawai ta fashe, jefa shi aka yi, kuma a nan ka yi hattara, domin idan 'yan dakonka ne suka sauke, dila zai ce su ne. Kwali idan ya sha danshi ƙarfinsa yana raguwa sosai, shi ya sa jerin da ke tsayawa lafiya da rani yake durƙushewa a watan Agusta. Sa wannan bayani a wasiƙa yana nuna wa dila inda zai je ya gyara, yana kuma toshe amsar da ya fi saurin bayarwa, wato "a wajenku ya lalace".

Akwai tambaya ɗaya da za ta iya rusa wasiƙar idan ba ka amsa wa kanka ita ba: motar wa ta ɗauko kayan? Idan dila ne ke kawowa har ƙofar shago da motarsa ko motar da shi ya ɗauka, kayan suna wuyansa har a sauke a ƙirga. Idan kuwa ku ne kuka tura mota ko ɗan sahu ya ɗauko daga sitonsa a Kasuwar Singa, to daga lokacin da direbanku ya sa hannu kayan sun zama naku, kuma abin da ya same su a hanya tsakaninku da direban ne. Dokar sayar da kaya ta 1893 da Nijeriya ta gada daga Ingila, wadda jihohi da dama suka yi tasu a kan tsarinta, ta ɗauki miƙa kaya ga mai jigila a matsayin miƙa su ga mai saye, sai dai idan yarjejeniya ta nuna akasin haka. Dokar ta kuma ce idan aka kawo maka ƙasa da abin da aka yi ciniki a kai, kana da damar ƙin karɓa, amma idan ka karɓa za ka biya kuɗin abin da ka karɓa a kan farashin da aka yi. Sannan wanda ya riƙe kaya ya wuce lokacin da hankali zai ɗauka bai sanar da cewa ya ƙi su ba, ana ɗauka ya karɓa. Wannan na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa kiran waya ba ya wadatarwa, kuma shi ya sa bai kamata wasiƙar ta ƙara kwana ba. Ka duba bayan inbois ko ƙasan webil, dilolin kamfanoni da yawa suna buga wa'adin kai ƙorafi a can da ƙananan haruffa. Ba sai ka ambaci doka a wasiƙar farko ba. Ka san ta ne don ka san iyakar abin da za ka nema.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Farashin da zan sa na lissafi ne kawai, kai ka sa na inbois ɗinka. A ce an kawo kaya sau huɗu cikin mako shida. A zuwan farko webil ya ce taliya katan 200, aka ƙirga 194, amma yaron sito ya sa hannu bai rubuta komai ba, sai da yamma aka tura saƙon WhatsApp. A na biyu tumatirin leda ne, webil 140, inbois 150. A na uku man girki katan 80, kowanne kwalba 12 ta lita ɗaya, sun cika, amma katan 7 sun murƙushe, kwalba 19 sun tsiyaye. A na huɗu taliya 200 sun cika, katan 9 sun jiƙe, katan 4 kuma leda 18 ce a cikin kowanne.

Wajen man nan ne manajoji suka fi yin kuskure. Katan 7 kwalba 84 ne, amma 19 kawai suka lalace, 65 lafiyarsu ƙalau idan an goge su. Idan ka nemi kuɗin katan 7 gaba ɗaya alhali ka jera 65 a kanta kana sayarwa, ranar da wakilin dila ya leƙo ya gani, sauran lissafinka duka ya shiga zargi. Nemi kuɗin 19. Idan cinikinka na sari ne, katan-katan kake sayarwa kuma ba mai karɓar kwalba a warwatse, to kana iya cewa su ɗauke duka bakwai su musanya, amma sai ka ajiye su a gefe ba ka taɓa ko ɗaya ba. Zaɓi ɗaya za ka ɗauka. Taliyar da ta jiƙe kuwa, abinci ce, kuma ledar da ta sami ɗan huji tana iya yin fumfuna daga baya, don haka mayar da katan ɗin gaba ɗaya ya fi, kada a tsaya tsince-tsince.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance. A sama sunan shago da adireshi da kwanan wata, sai wanda aka aika wa. A aika wa mai ikon amincewa da mayar da kuɗi, wato mai kamfanin ko manajan sayarwa, ba ɗan tallan da ke zuwa karɓar oda ba, domin shi sau da yawa wasiƙar a jakarsa za ta kwana.

"Ranka ya daɗe,

Giɓi da lalacewar kaya a zuwa huɗu, daga 6 ga Yuli zuwa 17 ga Agusta: neman ragin Naira 409,200

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin shagonmu game da kayan da motarku ta kawo mana sau huɗu a jere, waɗanda kowannensu aka sami matsala a ciki.

Ranar 6 ga Yuli, webil mai lamba 0412 ya nuna taliya katan 200, mun ƙirga 194. Ma'aikacinmu ya sa hannu bai rubuta giɓin a kan webil ba, amma mun sanar da wakilinku ta WhatsApp da ƙarfe 5 na yammacin ranar, kuma hoton saƙon yana haɗe. Katan 6 a kan Naira 18,000 ya kama Naira 108,000.

Ranar 20 ga Yuli, webil mai lamba 0467 ya nuna tumatirin leda katan 140, kuma 140 muka karɓa, amma inbois ya zo da 150. Katan 10 a kan Naira 7,500 ya kama Naira 75,000.

Ranar 3 ga Agusta, webil mai lamba 0521, man girki katan 80 sun cika. Katan 7 da ke jerin ƙasa sun murƙushe daga sama, kwalba 19 sun tsiyaye. Mun riƙe sauran 65 za mu biya. Kwalba 19 a kan Naira 3,000 ya kama Naira 57,000. Direbanku ya sa hannu a kan wannan.

Ranar 17 ga Agusta, webil mai lamba 0578, taliya katan 200 sun cika. Katan 9 na jerin sama sun jiƙe da ruwan sama, kuɗinsu Naira 162,000. Wasu katan 4 an sake manna su ta ƙasa, mun buɗe a gaban direba muka sami leda 18 a kowanne maimakon 20. Leda 8 a kan Naira 900 ya kama Naira 7,200.

Jimilla Naira 409,200.

Muna roƙon ku ba mu takardar ragin wannan kuɗi daga bashin da kuke binmu nan da ranar 4 ga Satumba. Katan 9 da suka jiƙe da kwalabe 19 suna ajiye a sitonmu, ku aiko a duba a ɗauke su kafin wannan rana. Sauran kuɗin da ba a jayayya a kansu za mu biya a kan lokaci kamar yadda muka saba.

Daga zuwa na gaba, za mu ƙirga kaya katan-katan a gaban direba, mu auna duk wanda muka yi shakka a kansa, mu rubuta abin da muka samu a kan kwafin webil biyu, shi da mu mu sa hannu. Katan da ya jiƙe ko ya fashe ba za mu sauke shi ba. Muna roƙon a sanar da direbobinku wannan tsari, a duba tamfol ɗin motar, a kuma riƙa rubuta inbois daga abin da aka loda.

Mun daɗe muna hulɗa da ku, kuma muna son ta ɗore. Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Manajan shago"

Lura da yadda aka faɗi raunin zuwan farko ƙarara. Webil da aka sa wa hannu ba tare da wata magana ba shaida ce a hannun dila cewa kaya sun cika, kuma yana da kwafinsa. Idan ka ɓoye, shi zai fito da shi, ya fara amsarsa daga nan, sauran ukun su bi ruwa. Idan ka faɗa da kanka, ka rage masa makami. Ka dai shirya wa yiwuwar ya ƙi biyan wannan Naira 108,000 ko ya ce a raba asarar biyu, kuma a ganina karɓar rabi a wannan ɗaya ba faɗuwa ba ce muddin ya biya sauran cikakku. Ka tattauna da maigida tun yanzu ku tsayar da abin da za ku iya sassautawa, kada a kira ka a waya ka amsa abin da shi bai yarda da shi ba.

Lura kuma babu kalmar sata ko ha'inci ko cuta a ciki, har a maganar katan huɗun da aka buɗe. An faɗi abin da ido ya gani: an sake mannawa, an sami 18. Kai ba ka san ko a mota aka zare ba ko a sito, ko ma wani shago ne ya mayar da katan ɗin haka aka juyo maka shi. Zargin mutum da sata a rubuce yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna, kuma ko bai kai can ba, direban da aka kora saboda wasiƙarka yana da abokan aiki da za su ci gaba da kawo maka kaya. Wasu sukan so su jawo ayar masu tauye mudu a irin wannan wasiƙa. Ayar gaskiya ce, amma wanda ka karanta wa ya san abin da kake kiransa da shi, daga nan maganar ta tashi daga lissafi ta koma kare mutunci.

Maganar riƙe kuɗi tana buƙatar natsuwa. Idan dila yana binku Naira miliyan biyu, kada ku riƙe duka don Naira 409,200. Yin haka zai mayar da ku masu laifi, ya ba shi dalilin tsayar muku da kaya. Ku biya abin da babu gardama a kansa, ku faɗa a rubuce cewa ragowar tana jiran takardar ragi. Kada kuma ku cire kuɗin shiru ku tura sauran, saboda a littafin dila zai zauna a matsayin bashi, bayan wata shida a zo rufe lissafi ya taso, a lokacin kowa ya manta dalilinsa. Takardar ragin da ke ɗauke da lambobin webil ɗin nan ita ce ke kashe maganar a littattafan ɓangarorin biyu. Idan da kuɗi hannu kuke saye, sai ka zaɓa tsakanin a mayar da kuɗi ko a cike da kaya. A lokacin da farashi ke hawa, a cike maka da kaya ya fi, domin kuɗin katan 6 na watan Yuli ba lallai ya sayi katan 6 a Satumba ba. Idan cikon ya zo, ya zo da webil nasa daban da aka rubuta cewa ciko ne, in ba haka ba sai ka gan shi a inbois na gaba.

Ribar da kuka rasa saboda kaya sun yanke a kanta, kada ka sa mata kuɗi a wasiƙar farko. Tabbatar da ita yana da wuya, kuma tana buɗe ƙofar gardama a kan lissafin da ba shi da gardama.

Abin da za a haɗa da wasiƙar kwafi ne, asalin takardu su zauna a hannunka. Hotuna su kasance masu amfani: katan yana cikin mota kafin a sauke, lambar motar tana fitowa a ɗaya daga ciki, sannan hoton kusa da ke nuna lambar rukunin kaya da ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwalin. Wannan lambar ce za ta tabbatar cewa katan ɗin daga lodinsu yake, ba tsohon kayanku ba ne ko na wani dila. Hoton katan a tsakiyar sitonku washegari ba ya tabbatar da komai. Lalatattun kayan a ware su a kan katako, a rubuta lambar webil a jikinsu, kada a zubar kuma kada a raba wa yara kafin wakilin dila ya gani.

Buga kwafi biyu, maigida ya karanta kafin ka sa hannu da hatimin shago. A kai da hannu, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata a kan kwafinka, sannan ka tura hotonta ta WhatsApp ga manajan dilan. Idan kamfanin na Legas ne ko ofishinsu da Turanci yake aiki, a rubuta da Turanci a kan wannan tsari, lambobi su ne dai lambobi.

Tsarin karɓar kaya da ka yi alkawari a wasiƙar sai ka tsaya a kansa, kuma wurin da yake karyewa sananne ne: mota ta iso dab da magariba, direba yana sauri, 'yan dako suna ta shiga da kaya, ba wanda ke ƙirga. Ka sa lokacin karɓa, misali daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma. A jera kaya a bakin sito goma-goma kafin a shigar, mutum ɗaya ne ke ƙirga kuma shi ke sa hannu. Abin da zai rubuta a webil gajere ne: "An karɓi 191 cikin 200, 9 a jiƙe an mayar", da lokaci da sa hannun direba. Idan direba ya ƙi sa hannu, a rubuta cewa ya ƙi, a kira ofishinsu yana tsaye.

Idan ranar 4 ga Satumba ta wuce shiru, tura wasiƙa ta biyu mai layi kaɗan, ka ambaci ranar ta farko da adadin kuɗin, ka ba da mako ɗaya, ka ce bayan nan za ku rage oda ku kai maganar gaba. Dilan da ke ƙarƙashin kamfani yana da wakilin yanki da ke sa ido a kansa, kwafin wasiƙa zuwa gare shi yakan motsa abin da kira goma bai motsa ba. Idan ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, shugabannin ƙungiyar kasuwar su ne matakin da ake bi kafin kotu, kuma takardun nan su za a baje a gabansu. Amma kada ka rubuta cewa za ku daina saye sai ka riga ka sami wani dilan, ka san farashinsa da sharuɗɗan bashinsa, ka kuma gwada shi da ƙaramar oda ka ga yadda nasa katan-katan ke isowa.